Matakan zagi a harshen Hausa

Zagi shi ne furta kalma ko yin wata alama da nufin rage darajar mutum ko ɓata masa rai. A maganar yau da kullum Hausawa ba su ɗauki zagi a matsayin abu guda mai nauyi ɗaya ba. Akwai wanda ake yi ana dariya, akwai wanda ake haɗiyewa a wuce, akwai wanda sai an ba da haƙuri, akwai kuma wanda idan ya fita daga baki ba abin da ke biyo baya sai dambe ko gaban alƙali. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake auna nauyin zagi daga zolaya har zuwa kalaman faɗa. An kawo wasu misalai da karin harshen Sakkwatanci, wanda ake ji a garuruwa irin su Mandera a ƙaramar hukumar Shagari da kuma ƙasar Boɗinga a jihar Sakkwato.

## Kalmomin da ake rarrabe zagi da su

Harshen da kansa ya ware wa kowane iri sunansa, kuma daga sunan ake fara gane nauyinsa. *Zolaya* da *ba'a* su ne tsokanar mutum don a yi dariya, sai dai ba'a ta fi zolaya cizo domin takan ƙunshi raini. *Habaici* da *gugar zana* magana ce da ake yi ba tare da kama suna ba, amma wanda ake nufi ya san da shi ake. A kan irin wannan ne ake cewa kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. *Zambo* kishiyar yabo ne, maroƙa da makaɗa suka fi yin sa, inda suke siffanta mutum da munin jiki ko na hali.

Daga nan sai masu nauyi. *Baƙar magana* amsa ce mai zafi ko da babu kalmar zagi a cikinta. *Gori* shi ne tuna wa mutum wani rashi nasa ko wani alheri da aka taɓa yi masa. *Ashar* ko *ashariya* zagi ne da ya haɗa iyaye da ambaton al'aura. *Ƙazafi* kuwa jingina wa mutum zina ne ko kore shi daga ubansa, kuma shi ne zagin da shari'ar Musulunci ta yanka wa hukunci na musamman.

## Abubuwan da ake auna nauyin zagi da su

Abu na farko shi ne abin da zagin ya taɓa. Idan ya tsaya a kan wani aiki da mutum ya yi yanzu, kamar ɓarin ruwa ko mantuwa, to mai sauƙi ne, domin aikin zai wuce. Idan ya taɓa halin mutum ya fi nauyi, domin hali abu ne da ake binsa da shi. Idan ya wuce mutumin ya kai ga iyayensa, ko asalinsa, ko addininsa, to ya kai ƙarshe, saboda ya taɓa abin da mutum ba shi da ikon sauyawa, kuma ya jawo waɗanda ba su yi laifin komai ba.

Abu na biyu shi ne wa ya faɗa wa wa. Zagi daga babba zuwa ƙarami sau da yawa ana ɗaukarsa faɗa ne na tarbiyya. Tsakanin sa'o'i yana iya zama wasa ko gaske. Daga ƙarami zuwa babba kuwa ko kalma mafi sauƙi takan zama babban laifi. Yaron da ya ce wa dattijo "kai" da tsawa, ko ya kira sunansa kai tsaye ba tare da Baba ko Malam ko Alhaji ba, za a ce ya zage shi, alhali bai furta kalmar zagi ko ɗaya ba.

Abu na uku shi ne wurin da aka faɗa da kuma waɗanda suka ji. Kalmar da za a iya jurewa a cikin ɗaki ba za a jure ta a kasuwa ba, ko a gaban matar mutum, ko 'ya'yansa, ko surukansa. Shi ya sa ake bambanta zagi da *cin mutunci* ko *cin zarafi*, wato zagin da aka yi a bainar jama'a har mutum ya ji kunyar ɗaga kai.

## Matakai biyar

Wannan rabe-rabe don sauƙin bayani ne, domin iyakokin matakan suna shiga juna, kuma kalma ɗaya tana iya hawa ko sauka gwargwadon ma'aunan da aka ambata.

### Mataki na farko: zolaya

A nan ake samun kalmomi irin su *ja'iri*, *ɗan nema*, *sarkin barci*, *acici* da *uwar son jiki*. Suna magana ne a kan ƙananan ɗabi'u da kowa ke da su. Ana faɗinsu da sakin fuska, kuma wanda aka faɗa wa yakan rama nan take da irinsu. Kaka za ta ce wa jikanta "ja'iri, zo ka karɓi fura," kuma babu wanda zai ji an yi zagi. Alamar wannan mataki ita ce ana iya faɗin kalmar a gaban kowa ba tare da wani ya sunkuyar da kai ba.

### Mataki na biyu: kushe hankali da ƙwazo

Hausa tana da tarin kalmomi na rashin wayo: *wawa*, *sakarai*, *soko*, *dolo*, *gaula*, *shashasha*, *gaɓo*. Akwai kuma na rashin himma kamar *rago* da *malalaci*. Da waɗannan ne iyaye ke tsawata wa 'ya'ya, maigida ke tsawata wa yaran shagonsa. Idan sun fito daga sama zuwa ƙasa ba a mayar da martani. Tsakanin sa'o'i sukan jawo cacar baki amma da wuya su kai ga duka.

Sunayen dabbobi ma a nan suke farawa, amma ba nauyinsu ɗaya ba. *Tunkiya* da *jaki* suna nufin rashin fahimta, don haka suna wannan mataki. *Kare* da *alade* sun fi su nauyi nesa ba kusa ba, domin sun ƙunshi ma'anar ƙazanta da rashin kamun kai, saboda haka suna hawa mataki na gaba.

### Mataki na uku: sukar hali da mutunci

Daga nan zagi ya daina zama kushe ya koma tuhuma. *Maƙaryaci*, *munafuki*, *algungumi*, *ɓarawo*, *macuci*, *mara kunya* da *mara mutunci* duk suna cewa mutumin ba abin yarda ba ne. A al'ummar da ake ciniki da bashi da aure bisa shaidar mutane, wannan tuhuma tana iya jawo asara ta zahiri. Wanda aka ce wa wawa yana iya yin dariya, amma wanda aka ce wa ɓarawo a gaban mutane dole ya nemi a faɗi abin da ya sata. Ihun "ɓarawo" a kasuwa ma ya wuce zagi, domin yana iya tara jama'a a kan mutum kafin a bincika.

*Ɗan iska* da *ɗan banza* suna tsakanin wannan mataki da na ƙasa da shi. Samari sukan jefi juna da su cikin raha, amma idan aka ce wa budurwa ko matar aure *'yar iska*, ma'anar ta koma kan kamun kanta, kuma nauyin ya kusa kai na ƙazafi. A Sakkwatanci ana cewa *ɗiya* a inda daidaitacciyar Hausa ke cewa *'ya*, don haka za a ji *ɗiyab banza* a maimakon *'yar banza*.

### Mataki na huɗu: gori da zagin iyaye

Gori yana da ciwo saboda yawanci gaskiya ne. Gorin haihuwa ga macen da ba ta samu ɗa ba, gorin talauci, gorin wata nakasa, ko cewa "da abincin gidanmu ka girma," duk suna taɓa abin da mutum ba zai iya musantawa ba. Kalmar *mara tarbiyya* ma tana nan, domin ko da yake yaro aka faɗa wa, iyayensa aka zarga.

Zagin iyaye kai tsaye shi ne *uwarka* da *ubanka*. A nahawu waɗannan ba cikakkun jimloli ba ne, suna ne kawai da mallaki, an bar sauran maganar a buɗe mai sauraro ya cika da kansa. A magana mai sauri *uwarka* takan zama *uwaka*, a Sakkwatanci kuma *uwakka*, domin a wannan kari harafin mallaki na mace yakan rikiɗe ya zama irin baƙin da ke biye da shi. Ashar cikakkiya tana da tsari sananne: sunan al'aura, sai harafin mallaki, sai uwa ko uba, sai *-ka* ko *-ki*. Saboda nauyinta an ƙirƙiro hanyoyin kauce mata, kamar *ƙaniyarka*, *gidanku* da *kan uba*. Waɗannan sassautattun siffofi suna sauka har mataki na biyu, shi ya sa iyaye ke iya amfani da su ga 'ya'yansu.

### Mataki na biyar: kalaman da ke kore mutum daga jama'a

Mafi nauyin zagi shi ne wanda ke cewa mutum ba shi da gurbi a cikin mutane. *Shege* da ma'anarsa ta asali yana kore shi daga ubansa. *Bawa* ko *mara asali* yana kore shi daga 'ya'ya masu 'yanci, kuma har yau gorin bauta yana iya rushe maganar aure. *Arne* ko *kafiri* ga Musulmi yana kore shi daga addininsa. *Maye* yana mayar da shi abin tsoro, har a ƙaurace wa gidansu baki ɗaya. *Karuwa* da *mazinaci* suna cikin ƙazafi. Waɗannan kalmomi ba sa tsayawa a kan wanda aka faɗa wa, suna shafar 'ya'yansa da danginsa, don haka sau da yawa dangin ne ke tashi neman hakki ko da shi ya so ya yi shiru.

## Zagi ba da baki ba

Alamun jiki ma suna da nasu matakai. *Gwalo* da *gatsine* na yara ne. *Harara* da *murguɗa baki* sun fi su. *Tsaki* ƙaramin abu ne tsakanin sa'o'i, amma yi wa uba ko miji ko malami tsaki babban raini ne. Tofar da yawu a gaban mutum yana nufin ƙyama. Mafi nauyi ita ce *daƙuwa*, wato buɗe yatsu biyar a nuna wa mutum tafin hannu. Daƙuwa daidai take da cewa *uwaka*, kuma sau da yawa tare ake yinsu. Idan aka yi ta da hannu biyu an ninka zagin.

## Inda zagi ba ya zama zagi

Akwai dangantakar da al'ada ta halatta zolaya mai zafi a cikinta. Ta farko ita ce ta *taubasai*, wato ɗan mace da ɗan namiji, 'ya'yan wa da ƙanwa. Ta biyu ita ce ta kaka da jika, inda kaka ke kiran jikanta "mijina" tana kushe shi da rowa. Ta uku ita ce ta ƙabilu da garuruwa, kamar Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Kanawa da Zazzagawa, Katsinawa da Nufawa. Masanin halayyar al'umma Radcliffe-Brown ya yi rubutu a kan irin wannan dangantaka a Afirka a shekarar 1940, inda ya bayyana ta da cewa raini ne da aka yarda da shi, wanda ba a yarda a yi fushi da shi ba.

Abin lura shi ne a wannan wasa har kalmar *bawa*, wadda ke mataki na biyar, ana iya faɗinta. Bafulatani zai ce wa Babarbare "bawana," shi ma ya rama, a yi dariya. Dalili shi ne kowa ya san ba gaskiya ba ne, kuma kowanne yana da ikon ramawa daidai wa daida. Wasan yana lalacewa ne idan kalmar ta dace da wani abu na gaskiya a rayuwar wanda aka faɗa wa. Taubashi zai iya ce wa taubashiyarsa mummuna ko marowaciya, amma idan ba ta taɓa haihuwa ba, ba zai yi mata wasa da haihuwa ba. A ɗaya gefen kuma akwai dangantakar kunya, kamar ta suruki da surukarsa, inda ko zolayar mataki na farko ba ta halatta.

## Kalmar "shege"

Wannan kalma ita ce ta fi nuna cewa nauyin zagi ba a cikin kalma kaɗai yake ba, domin ana samunta a kowane mataki. A cikin "shegen wayo" ko "shegiyar tsada" ba zagi ba ce sam, ƙarfafa magana kawai take yi, kamar a ce "mai yawa." Idan ɗan wasa ya ci ƙwallo abokinsa ya ce "kai, shege!" yabo ne. Idan uwa ta ce wa ɗanta mai ƙiriniya "shegen yaro," faɗa ne na mataki na biyu, ko da yake malamai da dattawa suna hana iyaye yin haka, domin a zahiri uwar kanta take zagi. Idan baƙo ya faɗa wa baƙo cikin fushi, zagi ne mai nauyi. Idan kuma aka cika ta da bayani, kamar "shege wanda bai san ubansa ba" ko "je ka tambayi uwarka wane ne ubanka," to an rufe duk wata ƙofar fassara, an mayar da kalmar ga ma'anarta ta asali, kuma ta zama ƙazafi.

## Misali: yadda gardama ke hawa

A ɗauka wani mai sayar da albasa yana bin wani mai babur bashin naira 3,000, suka haɗu a bakin kasuwa. Sa'o'in juna ne, kuma sun saba wasa. Mai albasa ya ce, "Sarkin mantuwa, yau ma ka mance da ni?" Mai babur ya yi dariya ya ce gobe. Wannan mataki na farko ne, kuma an isar da saƙon bashin ba tare da an kunyata kowa ba.

Bayan mako guda ba a biya ba. Mai albasa ya ce, "Kai dai sakarai na, kullum gobe." Babu dariya a fuskarsa, amma muryarsa ƙasa take, mutum biyu kawai suka ji. Mai babur ya yi tsaki. An hau mataki na biyu, kuma har yanzu biyan kuɗin kaɗai zai kashe maganar.

Sai mai albasa ya ɗaga murya yadda 'yan rumfa za su ji: "Macuci, maƙaryaci, ka ci kuɗɗina!" A nan abubuwa biyu suka sauya lokaci guda: an koma kan hali, kuma an samu 'yan kallo. Mai babur ya sauka daga babur ya ce, "Mi kac ce? Maimaita!" Neman a maimaita alama ce muhimmiya. Dama ce ta ƙarshe da ake ba mai zagi ya janye, kuma kira ne ga jama'a su zama shaida. Yanzu ko an biya kuɗin, sai an haɗa da ban haƙuri.

Da mai albasa ya ce "bashina kawai nika so," da gardamar ta sauko. Maimakon haka sai ya ce, "Ba laifinka na ba, haka ubanka yay yi har yam mutu." Ya bar wanda ke gabansa ya koma kan mamaci. Mai babur ya yi masa daƙuwa ya cakumi wuyan rigarsa. Daga wannan lokaci ba wanda ke maganar naira 3,000. Masu rabon faɗa ma ba za su fara tambayar wa ke bin wani ba, za su tambayi wa ya fara sa iyaye. A irin wannan sulhu, wanda ya fara ambaton iyaye shi ake ba rashin gaskiya ko da shi ne mai bin bashi, kuma haƙurin da zai bayar ba ga mai babur kaɗai zai tsaya ba, sai ya kai ga manyan gidansu.

## Alamun wasa ya koma faɗa

Masu sauraro suna gane sauyin ta hanyoyi kaɗan. Ramuwa takan daina zuwa da irin abin da aka faɗa, ɗaya ya yi shiru ko ya rama da abin da ya fi nauyi. Ana daina kiran laƙabi a koma "kai" ko "ke" tsura. Mai magana yakan juya ga jama'a yana cewa "ku ji abin da yake faɗa mini." Sai kalaman gargaɗi irin su "kada ka sake," "iya bakinka" da "kar ka sa iyayena." Mai zolayar da ya ji ɗaya daga cikin waɗannan yakan ce "wasa nake yi," kuma ana karɓar wannan uzuri a matakai biyu na farko. Daga mataki na huɗu ba a karɓarsa, a nan ne ake tuna wa mutum cewa magana zarar bunu ce.

Wanda ba shi da ƙarfin ramawa, kamar yaro ga babba ko talaka ga mai iko, yakan ce "Allah ya isa." Wannan ba zagi ba ne a siffarsa, kai ƙara ne ga Allah, amma mutane da yawa sun fi jin tsoronsa a kan ashar. Haka nan tsinuwar uwa ko uba ga ɗa ba a sa ta cikin matakan zagi, domin ana ɗaukarta baki ne mai kama mutum, ba cin fuska kawai ba.

## Matsayin shari'a

Alƙur'ani ya hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi a aya ta 11 ta Suratul Hujurat. Aya ta 4 ta Suratun Nur kuma ta yanka bulala 80 ga wanda ya jefi kamammiyar mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa kuma ake karanta littattafanta irin su Risala da Muhtasar a makarantun zaure, kore mutum daga ubansa yana cikin ƙazafi, kuma habaicin da ya fito fili yana nufin zina shi ma ana hukunta shi kamar an faɗa ƙarara. Sauran zagi da bai kai ƙazafi ba ana barinsa ga alƙali ya yi horo gwargwadon abin da ya gani. Akwai kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya nuna cewa mai zagin iyayen wani kamar ya zagi nasa ne, tunda shi ya jawo a rama a kansu.

Dokar laifuka ta Arewacin Najeriya, wadda aka kafa a 1959 ta fara aiki a 1960, ta ware ɓata suna a matsayin laifi, ta kuma ware zagin da aka yi da gangan don tunzura mutum ya ta da hankalin jama'a. Bayan jihar Zamfara ta fara aiki da dokokin laifuka na shari'ar Musulunci a watan Janairun 2000, Sakkwato da wasu jihohin Arewa sun bi sahu, kuma ƙazafi yana cikin laifukan da kotunan shari'a ke saurare. Duk da haka, yawancin rigingimun zagi a ƙauyuka ba sa kaiwa kotu. Ana kashe su ne a zauren mai unguwa ko hakimi, ko a gaban liman, inda ake kiran waɗanda suka ji, a tabbatar da ainihin kalmar da aka furta, sannan a sa mai laifi ya janye ta a gaban mutanen da ya faɗe ta a gabansu.